Tsakanin zamewa da lotsawa: yadda ake ƙera mariƙi mai yatsu biyu don ɗaukar tumatur

Duk wanda ya taɓa zaɓen tumatur a kasuwar Kwanar Gafan ko a gonakin rani na Kadawa ya san abin da hannunsa ke yi ba tare da ya tsaya tunani ba. Ɗanye sai ka danƙe shi yadda ka ga dama. Wanda ya nuna luguf kuwa, yatsunka da kansu suke sassautawa, su zagaye shi, su tallafo shi ta ƙasa. Mai ƙera hannun mutum-mutumi yana so ya samu wannan da yatsu biyu kacal da injin juyawa guda ɗaya, kuma a nan ne yake samun kansa gaba kura baya sayaki. In ya yi riƙon sakainar kashi, tumatur ya zame ya fashe a ƙasa. In ya matsa, ya lotsa. Tsakanin ƙarfin da ke hana zamewa da ƙarfin da ke jawo rauni akwai 'yar tazara, kuma aikin zanen mariƙin gaba ɗaya shi ne faɗaɗa wannan tazara. Ana faɗaɗa ta ne da siffar yatsa da abin da aka lulluɓe shi da shi. Girman inji ba ya ƙara ta ko kaɗan.

Bari mu ɗauki tumatur guda ɗaya mu bi shi daga farko. A ce nauyinsa giram 150, faɗinsa milimita 60, kuma ana so a ɗauke shi daga kan bel ɗin tantancewa a ajiye shi a cikin kiret.

Tambayar farko ita ce mafi ƙarancin ƙarfin da zai riƙe shi. Idan yatsu biyu suka matse abu ta gefe da gefe, abin da ke hana shi faɗuwa gogayya ce tsakanin fatarsa da fuskar yatsun. Gogayyar kowane yatsa tana daidai da ƙarfin matsarsa sau wata lamba da ake rubutawa μ, wadda ke nuna yadda fuskoki biyu ke kama juna. Lissafin ga shi:

```
N = S × m × (g + a) / (2 × μ)
```

A nan N shi ne ƙarfin da kowane yatsa zai matsa, m nauyin tumatur ne da kilogiram, g kuwa jan ƙasa ne, wato 9.81. Harafin a fizgar da hannun ke yi ne lokacin da ya tashi sama, domin abu yana ƙara nauyi a hannu idan aka ɗaga shi da sauri, kamar yadda guga ke yi wa mai jan ruwa in ya fizgo igiya. S kuma rarar da ake bari saboda tsaro. Mu sa fizga 3, rara ninki 2, sannan mu ɗauka μ rabi ce, 0.5. Nauyi da fizga sun ba da 0.15 sau 12.81, wato niyuton 1.92. Ka ninka biyu, ka raba da 2 sau 0.5, wato ɗaya, ka samu 3.84. Mu ce niyuton 4 a kowane yatsa. Niyuton ɗaya kusan nauyin giram 100 ne, saboda haka muna maganar matsin da bai wuce ka ɗora giram 400 a kan abu ba. Ƙaramin ƙarfi ne ƙwarai.

Sai dai duk lissafin nan ya rataya ne a wuyan μ, ita kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Fatar tumatur tana da santsi irin na kakin zuma. Da zarar an wanke shi, ko raɓar asuba ta kwanta masa, ruwa sai ya shiga tsakanin fata da yatsa. A ce μ ta sauko zuwa 0.2. Lissafi ɗaya ɗin nan yanzu zai ba da niyuton 9.6, wato ninki biyu da rabi na abin da ake buƙata a bushe. Tumatur bai canza ba, inji bai canza ba, ɗigon ruwa kawai ya ture ka zuwa bakin iyakar rauni. Don haka kada ka kwafo μ daga wani jadawali. Auna ta da kanka, da irin tumatur ɗin da za ka yi aiki da shi, a bushe da a jiƙe. Hanya mai sauƙi ita ce ka soke tumatur uku da tsinke su zama kamar murhu don kada su mirgina, ka ɗora su a kan faifan da ka shimfiɗa wa kayan yatsan, ka riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har su fara zamewa. Idan sun zame a kusurwar digiri 27, μ tana wajen 0.5. Idan tun a digiri 11 suka tafi, tana wajen 0.2. Wannan gwaji kimantawa ce kawai, domin roba mai laushi tana kama abu gwargwadon faɗin wurin da ta taɓa, amma ya isa ya nuna maka wane kaya ya fi wane.

Iyakar sama ta fi wuyar sha'ani, domin tumatur ba ya kuka a lokacin da aka ji masa ciwo. Ƙwayoyin naman da ke ƙarƙashin fata suna fashewa, ruwansu ya malala, amma fatar tana nan sumul. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi laushi, ya yi kamar ya jiƙe daga ciki, kuma daga nan ruɓa ke shiga. Na sha ganin ɗaliban injiniya suna nuna mariƙin da suka haɗa, ya ɗauki tumatur ya ajiye, a duba a ga babu tsaga, a tafa. Babu wanda ya ajiye tumatur ɗin zuwa jibi ya yanka ya duba. A wurina wannan gwaji bai nuna komai ba tukuna.

Abin da ke fasa ƙwayoyin nan shi ne yawan ƙarfin da ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Mai ɗaukar tulu ya san wannan, shi ya sa yake naɗa gammo: nauyin tulu bai ragu ba, amma ya bazu a kai. Idan yatsa falle ne na ƙarfe ko busasshiyar roba, tumatur mai zagaye zai taɓa shi ne a wani ɗan da'ira, a ce mai faɗin milimita 5. Filin wannan da'ira kusan murabba'in milimita 20 ne. Niyuton 4 a kansa ya ba da matsi na kilofaskal 200. Idan kuwa yatsan yana da matashi mai laushi da ya lanƙwasa ya rungumi tumatur har wurin taɓawar ya kai faɗin milimita 20, filin ya zama murabba'in milimita 314, matsin ya sauko zuwa kilofaskal 13. Ƙarfi ɗaya ne, amma abin da naman tumatur ke ji ya ragu kusan sau goma sha biyar. Faɗin wurin taɓawa kuwa ana iya ganinsa da ido: shafa wa matashin tawada, ka kama tumatur, ka saki, ka auna tambarin da ya bari. Idan tambarin ya fito da kaifin layi a gefe ɗaya, bakin yatsan ne ke cizo, sai a zagaye shi.

Wannan ya kawo mu ga siffa. Akwai yatsun da ke buɗewa kamar awartakin maƙeri, suna juyawa a kan ƙusa ɗaya, akwai kuma waɗanda ke tafiya a miƙe suna fuskantar juna. Na farkon sun fi sauƙin haɗawa, amma suna da wani hali mara kyau: kusurwar da suke taɓa abu tana canzawa da girmansa. Idan tumatur ya fi yadda aka zana girma, yatsun suna taɓa shi suna buɗe kamar baki, sai su riƙa tura shi waje, kamar yadda ƙwallon mangwaro ke kufcewa in ka matse shi. Masu tafiya a miƙe suna matsawa ta tsakiya komai girman abin. Ga tumatur da girmansa ke bambanta daga kwando zuwa kwando, su nake zaɓa, ko da ƙaramar giya mai haƙora ce a tsakiya tana tura sanduna biyu masu haƙora, ɗaya dama ɗaya hagu.

Fuskar yatsan ma kada ta zama falle. Idan aka yi mata kwari mai siffar V da kusurwar digiri 90, kowane yatsa zai taɓa tumatur a wuri biyu, wato wurare huɗu ke nan gaba ɗaya. Kowane wuri yana ɗaukar kusan kashi 71 cikin ɗari na ƙarfin yatsan, saboda haka ciwon kowane wuri ya ragu, kuma jimillar gogayya ta ƙaru da kusan kashi 41 cikin ɗari. Kwarin yana kuma jan tumatur zuwa tsakiya idan hannun ya zo a ɗan karkace. Ga irin tumatur mai tsayi kamar Roma da UC82B da manoman Arewa suka saba da su, kwarin yana kama shi ta ƙugu ya hana shi juyawa. Abin da ya fi wannan duka shi ne ɗan leɓe a ƙarshen yatsa wanda ke shiga ƙarƙashin cikin tumatur, ƙasa da inda ya fi faɗi. Da zarar leɓen ya shiga, wani ɓangare na nauyin yana zaune ne a kansa kamar a cokali, sai dogaro da gogayya ya ragu, jiƙewa ta daina zama babbar barazana. Kuɗin da ake biya shi ne kauri: yatsa mai leɓe yana buƙatar fili ya shiga, kuma idan tumatur suna cunkushe a kiret zai ƙuje na kusa yayin shiga. A kan bel inda suke tafiya ɗai-ɗai, babu wannan damuwa.

Akwai wata siffa da kamfanin Festo na Jamus ya yaɗa, ana kiranta Fin Ray, wadda aka kwaikwayo daga yadda ƙashin fiffiken kifi ke aiki. Yatsa ne mai kama da dogon alwatika, da haƙarƙari a tsakanin bangarorinsa biyu. Idan abu ya danna shi a ciki, bakinsa yakan lanƙwaso ya rungumi abin maimakon ya kauce. Mai na'urar buga kaya ta 3D zai iya fitar da shi da roba mai lanƙwasa ta TPU. Yana da kyau wajen bin siffofi daban-daban, amma yana murɗewa gefe idan nauyi ya zo masa a karkace, kuma fuskar TPU da aka buga tana da tauri da santsi fiye da yadda mutane ke zato. Har yanzu tana buƙatar a yi mata fata.

Maganar kayan aiki ta kasu biyu, ƙashi da tsoka. Ƙashin yatsa ba shi da wuyar zaɓi. Alminiyam ya yi, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi a wurin da ake wanke-wanke, sai dai nauyi. Wanda zai buga da roba ya san cewa robar PLA tana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyos, kuma abin da aka bari cikin rufaffiyar mota ko a kan kwano a watan Afrilu a Kano yana iya kusantar hakan, sai ka dawo ka tarar yatsa ya karkace. PETG tana jurewa har wajen 80, ita ce ta fi dacewa.

Tsokar ce ke buƙatar tunani. Taurin roba ana auna shi da ma'aunin Shore. Tayar mota tana wajen 60 zuwa 70 a sikelin A, zaren TPU da aka fi samu 95A ne, wato ya fi taya tauri nesa. Silikon da ake zubawa a mazubi kamar Dragon Skin ana samunsa a 10A, 20A da 30A, sannan Ecoflex 00-30 yana kan wani sikeli na ƙasa, laushinsa kamar tsokar tafin hannu. Mutum zai ce to a ɗauki mafi laushi mana. Amma mafi laushin yana da illa uku. Yana yagewa da wuri idan ya haɗu da guntun reshen da ke kan tumatur. Yana da danƙo, kuma danƙon nan da ke ba shi kyakkyawan kamu a ɗakin gwaji shi ne ke tara ƙurar hunturu, wadda daidai take da lokacin kakar tumatur ɗin rani. Cikin 'yan sa'o'i fuskar ta zama kamar an barbaɗa mata gari, μ ta faɗi. Sannan idan matashin siriri ne, yana matsewa har ƙarshe, tumatur ya ji ƙashin da ke bayansa, sai ka koma kan ɗan ƙaramin da'irar nan ta farko. Abin da nake ganin ya fi shi ne hawa biyu: ciki mai laushi sosai, kauri milimita 8 zuwa 10, da siririyar fata ta 20A ko 30A a waje wadda za a iya gogewa da tsumma.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: silikon ba ya tsukewa kamar soso. Idan ka danna shi nan, sai ya kumburo can. Idan ka cusa shi cikin rami mai bango huɗu babu inda zai kumbura, zai yi tauri kamar ba shi ba. Shi ya sa ake yi wa fuskar matashi tsagi, layuka masu zurfin milimita ɗaya ko biyu. Tsagin yana ba robar wurin motsi, yana kuma ba ruwa hanyar fita kamar zanen da ke jikin taya, don roba ta taɓa fata kai tsaye. A yi tsagin a kwance, yana gitta hanyar da tumatur zai zame, kuma a bar shi da faɗin da buroshi zai shiga, domin duk ramin da ruwan tumatur ya kwana a ciki gidan fumfuna ne.

Wannan dalili na tsafta shi ke kore wasu kayan da suke kusa da hannu. Soson katifa yana da laushi, amma yana shan ruwa, kuma da ya taɓa ruɓaɓɓen tumatur guda zai riƙa shafa wa duk na bayansa. Robar tib ɗin taya tana kamu sosai, amma ba a yi ta don taɓa abinci ba, tana da wari kuma tana iya barin baƙi. Silikon da ake liƙe gilashin taga da shi, mai warin tsami, wasu nau'o'insa suna ɗauke da maganin kashe fumfuna. Robar silifas ba ta shan ruwa, ta isa gwajin farko. Don aiki na gaske kuwa a nemi silikon da masu shi suka rubuta cewa ya dace da abinci. Wajen zuba shi a kula, irin wanda ke daskarewa da filatinam ba ya shiri da farar wuta. Safar hannu ta danƙon roba kaɗai tana iya sa fuskarsa ta ƙi bushewa. Kuma gam na yau da kullum ba ya kama silikon. A huda ramuka a ƙashin yatsan, a zuba silikon ya ratsa ta cikinsu ya fito ta baya, ya kulle kansa.

Saura inji. Masu gwaji da yawa suna sayen injin juyawa mai suna MG996R saboda araha da samuwa. Ƙarfin juyinsa yana wajen kilogiram-santimita 10, kusan niyuton-mita ɗaya. Idan giyar tsakiya tana da nisan milimita 10 daga cibiya zuwa haƙora, injin zai iya tura niyuton 100, a raba wa yatsu biyu, 50 kowanne. Mu kuwa 4 muke nema. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne irin wannan inji umarnin wuri yake bi, bai san ƙarfi ba. Ka ce masa ya je buɗin milimita 58 don tumatur mai 60, sai aka kawo mai 66. Shi dai zai yi ta turawa sai ya kai 58 ko ya ƙare ƙarfinsa. Ainihin buƙatarmu niyuton 8 ne sau milimita 10, wato niyuton-mita 0.08, kuma ƙaramin MG90S mai kusan kilogiram-santimita 2 ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Maganin da ya fi arha shi ne sifirin tsakanin sandar da inji ke turawa da yatsan kansa. A ɗauki sifirin mai laushi, wanda kowace milimita ta matsewarsa ke ƙara niyuton 0.2, a ɗaure shi tun farko yana matse da niyuton 3. A saita inji yadda tumatur mai faɗin milimita 50 zai ƙara matse shi da milimita 5, ya samu niyuton 4. Mai faɗin 65 zai tura kowane yatsa baya da ƙarin milimita 7.5, ya samu niyuton 5.5. Bambancin girma na milimita 15 ya zama bambancin ƙarfi na niyuton ɗaya da rabi kawai, kuma babban ne ya samu ƙarin, shi da ya fi nauyi. Idan aka ɗora ɗan makunni a inda sifirin ya kai matsewar da ake so, injin zai tsaya da zarar ya taɓu, kowane tumatur ya samu ƙarfi ɗaya. Mai son lamba a kan allo zai iya sa ma'aunin nauyi na kilogiram ɗaya a bayan yatsa ya karanta shi da 'yar na'urar lantarki mai suna HX711, amma ko da shi kada a cire sifirin, domin kafin saƙo ya je ya dawo injin ya riga ya ƙara tafiya, sifirin ne ke shanye wannan rarar. A kuma rage gudu a milimitocin ƙarshe kafin taɓawa, kada yatsa ya zo da duka.

Duk wannan ba ya tabbata sai an san iyakar rauni ta tumatur ɗin da ke gabanka, kuma sikelin kicin ya isa a gano ta. Ɗora matashi ɗaya a kan sikeli, ɗora tumatur, mayar da sikeli sifili, sannan ka danna da ɗaya matashin har allo ya nuna adadin da kake so, ka riƙe na daƙiƙa biyar. Tsawon riƙon yana da muhimmanci, domin naman tumatur yana ci gaba da lotsawa a hankali muddin nauyi na kansa, saboda haka a gwada da tsawon lokacin da hannun zai riƙe shi a aiki. Yi wa biyar giram 400, biyar 600, biyar 1000, biyar 1500, ka zagaye wurin da alƙalamin maka, ka ware wasu biyar da ba a taɓa ba don kwatanci. Maimaita wa waɗanda suka fara ja da waɗanda suka nuna sosai, kowane rukuni daban, domin nunanne ne zai yanke maka iyaka. Bar su kwana biyu a inuwa, sannan ka yanka kowanne ta tsakiyar da'irar.

A ce nunannu sun fara nuna tabo a giram 1000, wato kusan niyuton 10. A bushe kana buƙatar 4, kana da fili mai yawa. A jiƙe da matashi falle kana buƙatar 9.6, tazarar ta rufe ke nan, kuma kowane ɗan kuskure rauni ne. A irin wannan hali sai a koma kan yatsa: a yi tsagi, a zurfafa kwari, a ƙara leɓe, a rage fizgar hannu, ko kuma a sa fanka ta busar da tumatur kafin ya iso wurin ɗauka. Bayan kowane gyara a sake aunawa a jiƙe, a sake danna sababbin tumatur da sabon matashin, a sake jira kwana biyu kafin a yanka.